“Hajiya, Ba Zan Ce Gwal Ne Ba Sai Na Riƙe Shi”

Masu shagon gwal a Kasuwar Rimi ta Kano sun saba da wani irin saƙo da ke shigo musu ta WhatsApp, yawanci da daddare bayan an rufe kasuwa. Hotuna ne guda uku ko huɗu: sarƙa a shimfiɗe kan farin ƙyalle, ɗan kunne a tafin hannu, sai wani hoto da aka matso da kyamara don a nuna lambar da aka buga a jikin maɓalli, sai kuma kayan gaba ɗaya a kan sikeli. A ƙarƙashi akwai tambaya gajera: “Alhaji, don Allah duba min, na gaske ne? Mai shi tana sauri, ta ce gobe za ta ba wata.” Mai tambayar ba baƙuwa ba ce. Ta sayi kayan lefen ƙanenta a wannan shagon, ta taɓa kawo tsohon awarwaro aka canza mata, kuma don ta yarda da idon Alhajin ne ta turo masa.

Ga irin amsar da mai shagon da ya san aikinsa, yake kuma tsoron Allah, yake mayarwa:

“Wa alaikumus salam, Hajiya. Da fatan an wuni lafiya, ya Alhaji da yara? Na ga hotunan, kuma aikin ya yi kyau. Amma ki yi haƙuri, ba zan ce miki gwal ne ba, ba zan kuma ce miki jabu ne ba, sai na riƙe shi a hannuna. Abin da hoto ya nuna min shi ne launi da zane da lamba, su kuwa ukun nan duk ana yin su a jikin tagulla. Lambar 875 da kika gani bugawa ake yi, duk mai ƙarfen bugawa zai iya sa ta. Sikelin da ke hoton ba nawa ba ne, ban san yadda aka saita shi ba, kuma an auna har da duwatsu. Ko da gwal ne, ban san ko 21 ne ko 18 ba, bambancinsu kuwa a kaya mai nauyin giram arba'in kuɗi ne mai yawa. Sannan ban da tabbacin cewa abin da ke hoton shi za a miƙa miki. In na ce miki saya, kika tura kuɗi, aka samu matsala, maganata kika saya, ni kuma ba ni da abin da zan tsaya a kai. Shawarata, kada ki tura ko sisi. Ki ce ta kawo shi shago, ko ku haɗu a shagon duk wanda kuka yarda da shi a garinku, a auna, a goga, a gwada a gabanku. Aikin ba ya wuce kwata ɗin awa. In na gaske ne, ba ta yi asarar komai ba. In ta ƙi, kin samu amsarki ba tare da ni ba. Allah ya tsare mana dukiyarmu.”

Mata da yawa ba sa jin daɗin wannan amsa. Wata takan ɗauka ƙyashi ne, wai don ba a shagonsa za a saya ba. Wata kuma ta ce ai mutumin da ya shekara ashirin yana harkar gwal ya kamata ya gane shi ko daga nesa. Ni a ganina wannan amsar ta fi kowace amsa amfani ga mai saye, kuma kowane layi nata yana da dalilin da ya kamata mai ajiye dukiyarta a gwal ta sani.

Mu fara da launi, tunda shi ne abin da ido ke fara kamawa. Kayan da ake wa rufi, wato a ɗauki tagulla ko azurfa a lulluɓe ta da ruwan gwal, abin da ke samansu gwal ne na gaskiya. Hasken da ya daki sarƙar ya shiga kyamara daga jikin gwal ya taso, saboda haka hoton bai yi ƙarya ba, fatar kayan ya nuna. Matsalar ita ce kaurin wannan fata. Ana auna ta da maikiron, kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma rufin da ake yi wa kayan ado yawanci bai wuce maikiron ɗaya zuwa uku ba, wani ma bai kai ɗaya ba. Silin gashin kai guda ya fi shi kauri sau gomomi. Awarwaro mai giram talatin da aka yi wa rufin maikiron ɗaya, duk gwal ɗin da ke jikinsa ba zai kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba, amma a hoto ba shi da maraba da wanda aka zuba da gwal tun daga ciki har waje.

Sai kuma abin da ita wayar ke yi. Kyamarar waya ba ta ajiye launi yadda yake, gyara shi take yi gwargwadon hasken wurin. Sarƙa ɗaya a ƙarƙashin farin ƙwan lantarki takan fito fari-fari, a hasken yamma ta fito jawur, a kan baƙin ƙyalle ta ƙara cika ido. Bayan haka WhatsApp ya matse hoton, allon wayar mai karɓa kuma ya nuna shi da nasa launin. Ƙwararre yakan iya hasashen karat daga launi idan kayan na hannunsa, ya jera shi da wani da ya sani a haske ɗaya, domin 21 da 22 sun fi 18 cikar rawaya. Ko a nan ma hasashe ne, don launin yana canzawa da abin da aka gauraya: jan ƙarfe yana janyo ja, azurfa tana janyo fari. A hoto kuwa wannan ɗan bambancin ya ɓace tun kafin saƙon ya iso.

Lambar da ke jikin maɓalli ita ta fi yaudarar mutane, domin tana kama da shaidar hukuma. Ma'anarta mai sauƙi ce. Gwal tsantsa shi ne karat 24, kuma ya yi laushi da yawa ga kayan sawa na kullum, shi ya sa ake gauraya shi. Lambar tana faɗin kashi nawa cikin dubu ne gwal: 916 na nufin karat 22, 875 karat 21, 750 karat 18, 585 karat 14. Kayan da ake kawowa daga Saudiyya da Dubai yawanci 21 ne ko 22 ko 18, na Italiya kuma an fi saninsu da 18. To amma lamba da'awa ce kawai ta wanda ya buga ta. Ƙarfen bugawa ba shi da tsada, kuma babu abin da zai hana a buga 875 a jikin tagulla. Akwai ma dabarar da ta fi wannan: a ɗauki maɓalli na gwal na gaskiya, mai lambarsa ta gaskiya, a liƙa shi a sarƙar da ba gwal ba. Wanda ya gwada maɓallin kaɗai zai rantse kayan na ƙwarai ne. Wannan ya sa mai shago ba ya gwada wuri ɗaya, sai ya taɓa maɓalli, ya taɓa tsakiyar sarƙa, ya taɓa abin da ke rataye, ya kuma gwada kowane ɗan kunne daban.

Hoton sikeli ma haka. Ana iya saita sikeli ya fara ƙirga daga sama da sifili kafin a ɗora kaya, ana iya barin wani abu a kai wanda bai fito a hoton ba. Ko ba a yi ko ɗaya ba, nauyi kaɗai ba ya faɗin ko mene ne aka auna. Giram arba'in na tagulla da giram arba'in na gwal lamba ɗaya suke nunawa.

Abin da ke raba su shi ne nauyi idan an gwama shi da girma, kuma wannan shi ne abu na farko da hannu ke ji wanda hoto ba ya ɗauka. Gwal tsantsa ya fi ruwa nauyi sau 19.3, azurfa sau 10.5, tagulla kamar sau takwas da rabi. Wato zobe biyu masu girma ɗaya, na gwal ya kusa ninka na tagulla a nauyi. Mai shago idan aka miƙa masa kaya, kafin ya ce komai za ki ga ya ɗan jijjiga shi a tafin hannu, ya sake shi ya faɗo daga wannan hannu zuwa wancan. Yana auna abin da idonsa ya gani da abin da hannunsa ya ji ne. Idan kaya ya cika ido amma bai cika hannu ba, ko dai holoƙo ne, ko ba gwal ba ne.

Ana iya mayar da wannan ji na hannu lissafi, da kofin ruwa da zare da sikeli mai nuna lamba biyu bayan ɗigo. A auna kayan tukuna, a ce zobe ne ko awarwaro mai cikakken ciki, ya ba da giram 30. Sai a ɗora kofin ruwa a sikeli a mayar da shi sifili, a ɗaure kayan da zare a nutsa shi gaba ɗaya, kada ya taɓa gindin kofi ko gefensa. Lambar da sikeli ya nuna ita ce nauyin ruwan da kayan ya ture. A raba 30 da ita. In ya nuna wajen 1.77, amsa ta kusa 17, wannan yankin karat 21 ne. In ya nuna wajen 1.95, amsa ta zama 15.4, wannan yankin 18 ne. In kuwa ya nuna 3.5, amsa takwas da rabi ke nan, tagulla ce aka yi wa riga. Gwajin yana da iyakarsa. Ba ya aiki a kayan da cikinsa holoƙo ne, ko mai duwatsu, ko siririyar sarƙa da ke riƙe kumfar iska a tsakanin ƙwayoyinta. Akwai kuma wani ƙarfe, tangistin, da nauyinsa ya yi kusan daidai da na gwal, wanda aka sha samu a cikin sandunan gwal na jabu.

Maganaɗisu shi ne gwajin da kowa ya sani, kuma shi ya fi rauni. Gwal ba ya bin maganaɗisu, gaskiya ne, amma tagulla da jan ƙarfe da azurfa su ma ba sa binsa. Idan sarƙa ta manne, an gama magana. Idan ba ta manne ba, ba a tabbatar da komai ba tukuna. Sau da yawa ma maɓallin sarƙar gwal ta gaskiya yakan ɗan motsa, domin ɗan sifirin da ke cikinsa na baƙin ƙarfe ne. Bidiyon da mai sayarwa ke turowa tana wasa da maganaɗisu a kan kaya, ba abin da ya ƙara wa hoton.

Gwajin da kasuwa ta fi dogara da shi shi ne dutse da asid. Dutsen baƙi ne mai santsi. Mai shago yana goga kayan a kai har ya bar zane mai rawaya, sai ya ɗiga asid a kan zanen. Kwalaben asid ɗin mataki-mataki ne, akwai na 14, na 18, na 22. Idan zanen ya tsaya daram a ƙarƙashin asid na 18, kayan ya kai 18 ko ya wuce. Idan ya dushe ko ya narke, bai kai ba. Tagulla kuwa nan take zanenta ke ɓacewa, in aka ɗiga a jikinta ma sai ta yi kumfa kore. A nan ne ƙwarewa ke aiki, domin idan aka yi guga sama-sama a kayan da aka yi wa rufi mai kauri, zanen da zai fito na rufin ne, sai ya ci jarrabawa. Don haka idan akwai shakka sai a nemi izinin mai kaya a ɗan karce wani lungu da ba a gani da zarto, a gwada abin da ke ƙasa. Wasu manyan shaguna da masu saye don narkarwa suna da na'urar XRF, wadda ke karanto kashin gwal da azurfa da jan ƙarfe a allo cikin daƙiƙu, amma ita ma sama-sama take gani, ba ta shiga can ciki. Idan na'ura mai tsada haka sai an karce mata kafin ta ga cikin ƙarfe, kyamarar waya ba ta da abin cewa. Hukunci na ƙarshe a wurin masu sana'ar wuta ce: a yanka, a narkar, a ga abin da ya rage.

Yanzu mu bi kayan Hajiya da lissafi, mu ɗauka ma ba a yi mata babbar cuta ba, kayan gwal ne da gaske. An ce mata karat 21 ne, giram 40. Da haka ne, gwal tsantsan da ke ciki giram 35 ne, wato 40 sau 0.875. Aka kai shago, zane ya tsaya a asid na 18, da aka jera shi da zanen kayan 21 da aka sani sai aka ga ya fi saurin dushewa, na'ura kuma ta nuna 750. Gwal tsantsa ya koma giram 30. Sai mai shago ya dubi duwatsun da aka jera a abin wuya da 'yan kunne ya ƙiyasta su giram 4. Duwatsun nan gilashi ne ko makamancinsa, ranar sayarwa ba wanda zai biya kuɗin gwal a kansu, cire nauyinsu ake yi. Saura giram 36, sau 0.75, ya ba da giram 27. Ta yi niyyar biyan kuɗin giram 35 na gwal tsantsa, abin da za ta riƙe 27 ne. Giram takwas sun tafi, sama da kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinta, alhali ba a sayar mata da tagulla ba, kuma babu hoto ko ɗaya cikin huɗun da zai nuna wannan. Kowa ya san farashin giram a ranar da yake karanta wannan, sai ya ninka da takwas. Mai sayarwar ma mai yiwuwa ba ta sani ba, domin ita ma haka aka faɗa mata lokacin da aka kawo mata shi a lefe ko tsarabar aikin Hajji.

Wannan asarar ɓoyayyiya ita ta fi damuna, fiye da jabun da ke tona kansa cikin wata biyu. Mace takan sayi gwal ne don ya zama ajiya, abin da za ta ɗauko ranar kuɗin makaranta ko asibiti ko auren 'ya. Kayan da karat ɗinsa bai kai ba zai kwanta a akwati shekaru yana sheƙi, ba za a gane ba sai ranar da buƙata ta taso, ranar da ba ta da lokacin jayayya, wadda ta sayar mata kuma ta daɗe da canza lamba.

Duk wannan a kan zaton cewa kayan da ke hoton shi ne kayan da ke hannun mai sayarwa. Hoto ana kwafo shi daga shafin wani shago a Instagram, ana ɗaukarsa a shagon da aka shiga taya kaya, ana tura hoton na gaske a aiko da kwaikwayonsa ta mota. Rasit ma takarda ce: tana iya zama ta gaskiya amma ta wani kayan daban. Akwai kuma tambayar da asid ba ya amsawa, wato kayan na wane ne. Gwal na sata yana yawo, kuma wanda aka kama shi a hannunsa shi ke zuwa ofishin 'yan sanda yin bayani. Saurin da ake sa wa mai saye, da farashin da ya faɗo ƙasa da na kasuwa, su ne alamun da suka fi kowace lamba magana. Gwal ba kayan gwari ba ne da zai lalace in an kwana, kuma mai shi tana iya shiga kowane shago ta fito da kuɗinsa a hannu a ranar. Wadda ta bar wannan hanya ta zo tana neman mai saye a waya da rangwame, ya kamata a tambayi dalili. Malamai kuma sun daɗe suna karantar da cewa cinikin zinari da azurfa hannu da hannu ake yinsa, a karɓi kaya a ba da kuɗi a zama ɗaya, kuma da yawansu suna ɗaukar kuɗin takarda a kan wannan hukunci. Wanda ya kiyaye wannan ya tsira daga cinikin biri a sama tun kafin a zo maganar karat.

Ba cewa ake hoto ba shi da amfani ba. Yana iya kayar da kaya, tsayar da shi ne ba ya iyawa. Mai shago yakan ce a ɗauko masa wuraren da ke gogar jiki: bakin maɓalli, cikin zobe, gefen awarwaro, sandar ɗan kunne. Idan rawaya ta koɗe a nan wani launi ya leƙo, ja ko fari, ko aka ga kore-kore a lungu, to rufi ne, ba sai an yi tafiya ba. Haka idan kusa da lamba akwai haruffa irin GP ko GEP ko GF, kayan da kansa ya faɗa cewa rufi ne. Lamba 925 a jikin kaya mai rawaya na nufin azurfa ce aka yi wa ruwan gwal. Mai shago na iya cewa “kada ki saya” daga hoto cikin kwanciyar hankali, domin aibi ɗaya ya isa hujja. Kalmar “saya” kuwa tana buƙatar a rufe duk ƙofofin da muka lissafa, kuma mafi yawansu ba a rufe su sai da hannu.

Akwai masu shagon da kunya ke sa su ce “da alama mai kyau ne” don kada ran Hajiya ya ɓaci. Ita kuwa “mai kyau ne” za ta ji, “da alama” ta bar shi a waya. Idan abu ya lalace, saƙon yana nan a ajiye, za a nuna wa miji, a nuna wa 'yan'uwa, a nuna wa shugabannin kasuwa, kuma sunan shagon ne zai ɓaci a kan kayan da bai taɓa shiga cikinsa ba. Shi ya sa mai hankali yake ƙin ba da rabin amsa.

Idan mai sayarwa tana wani gari, abin yi shi ne a samu wakili, ɗan'uwa ko amintacce, ya raka ta shagon da mai saye ta zaɓa, ba wanda mai sayarwa ta zaɓa ba. A auna a sikelin shagon, a gwada kowane yanki daban, a cire nauyin duwatsu, sannan a tambayi mai shagon tambaya ɗaya: in yau aka kawo maka wannan, nawa za ka saya? Kuɗin da ya faɗa zai yi ƙasa da farashin sabo, domin ba ya biyan kuɗin aiki kuma yana neman ribarsa, amma shi ne ma'aunin da za a yi ciniki a kai. Bayan an daidaita sai a rubuta takarda mai ɗauke da kwanan wata, irin kayan, karat, nauyi da duwatsu da nauyi ba duwatsu, sunan mai sayarwa da lambar wayarta, da sa hannun shaida. Kuɗi kuma a tura shi a nan cikin shagon, bayan wakilin ya karɓi kayan da aka gwada daga kan teburin mai shago, ba daga cikin jakar mai sayarwa ba.